Yadda ake gyara lissafin kuɗin hayar da aka biya gaba ɗaya idan ta ratsa shekarun kuɗi biyu

A Kano da wuya ka sami mai shago ko mai sito da zai yarda ka riƙa biyansa haya wata-wata. Ko a Kantin Kwari ne, ko Sabon Gari, ko Singa, ko Ƙofar Wambai, kuɗin shekara ake ajiyewa kafin a miƙa makulli, wani ma sai ya ce shekara biyu. Shi kuma mai shagon bai damu da ranar da kake rufe littafinka ba. Ranar da kuka daidaita, ranar haya ta fara. To idan kamfaninka yana rufe shekararsa ranar 31 ga Disamba, hayar kuma ta fara a Oktoba, kuɗin da ka fitar rana ɗaya ya zama na shekaru biyu, kuma dole a raba shi kowace shekara ta ɗauki nata.

Abin da ake raba shi da shi ba ranar biya ba ce, watannin da aka zauna a shagon ne. Kamar buhun shinkafar da aka sayo aka ajiye a gida ne: abin da aka dafa ya tafi, abin da ya rage a buhu har yanzu dukiya ce. Watannin da ka riga ka zauna sun zama kuɗin da aka kashe, za su shiga lissafin riba da asara. Watannin da ba a zo ba kuwa kadara ce, domin kana bin mai shagon haƙƙin zama, kuma wurinta takardar kadarori da basussuka.

Ga misalin da za mu bi har ƙarshe. Wani ƙaramin kamfani mai sayar da atamfa da shadda ya kama shago a Kantin Kwari. Shekarar kuɗinsa daga 1 ga Janairu ce zuwa 31 ga Disamba. An yi yarjejeniyar haya ta shekara guda a kan ₦2,400,000, daga 1 ga Oktoba 2024 zuwa 30 ga Satumba 2025, kuma an tura kuɗin ta banki ranar 20 ga Satumba 2024.

Mataki na farko: ɗauko takardar yarjejeniya, ba alat na banki ba

Abu uku kake nema a takardar: ranar da haya ta fara, ranar da za ta ƙare, da ainihin kuɗin hayar. A misalinmu an biya tun 20 ga Satumba, amma kwanaki goman da suka rage a watan ba sa cikin lissafi, tunda ba a fara cin hayar ba sai 1 ga Oktoba. Wanda ya fara ƙirge daga ranar alat zai ƙara wa 2024 abin da ba nata ba.

Sau da yawa a kasuwanninmu babu doguwar yarjejeniya, rasit ne kawai aka rubuta "kuɗin hayar shago na shekara ɗaya", aka sa hannu. Idan haka ne, koma wurin mai shagon ko wakilinsa, ka roƙe shi ya rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa a jikin rasit ɗin. Wannan ɗan layin shi odita zai nema, kuma shi zai raba gardama ranar da aka zo sabuntawa. Idan kuma da watannin Musulunci kuka yi magana, a ce daga Rabi'ul Awwal zuwa Safar, sai ka nemo ranakun da suka yi daidai a kalandar Bature ka yi lissafi da kwanaki, domin shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ba 365 ba.

Mataki na biyu: raba kuɗin

₦2,400,000 a raba gida 12 ya ba da ₦200,000 a wata. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Disamba 2024 wata uku ne: Oktoba, Nuwamba, Disamba. Saboda haka rabon 2024 shi ne ₦600,000. Sauran wata tara, daga Janairu zuwa Satumba 2025, sun tashi ₦1,800,000, kuma wannan ce kadarar da za a tsallaka da ita sabuwar shekara. Ka haɗa biyun ka ga sun koma ₦2,400,000 kafin ka ci gaba. Ka kuma ƙirga watannin da sunayensu, da yatsa in ta kama, domin wanda ya ce sha biyu a debe goma zai sami biyu, alhali watan Oktoba kansa yana ciki.

Mataki na uku: duba inda aka fara zuba kuɗin

Nan ne ya fi cancanta a tsaya, domin nan aka fi yin kuskure. Shigarwar gyara ba iri ɗaya ba ce kullum. Ta dogara ne da abin da aka yi ranar da kuɗin ya fita. Buɗe leja ko manhajar da kuke aiki da ita, ka nemo ranar 20 ga Satumba, ka ga asusun da aka yi wa debit. A manhajojin lissafi asusun kuɗin hayar da aka kashe yakan zo da sunan `Rent Expense`, na hayar da aka biya gaba kuma `Prepaid Rent`. Na farko yana cikin kashe-kashe, na biyu yana cikin kadarori. A shigarwa, `Dr` na nufin debit, `Cr` kuma kiredit.

Hanya ta ɗaya ita ce a ce tun ranar biya an ɗauki kuɗin a matsayin kadara:

```
20/09/2024
Dr  Prepaid Rent   2,400,000
Cr  Bank           2,400,000
```

Idan haka aka yi, ranar 31 ga Disamba asusun kashe-kashen haya babu komai a ciki, asusun kadara kuma yana ɗauke da kuɗin duka. Aikinka shi ne ka ciro abin da aka cinye, wato wata uku, ka kai shi kashe-kashe:

```
31/12/2024
Dr  Rent Expense     600,000
Cr  Prepaid Rent     600,000
```

Hanya ta biyu ita ce wadda za ka fi tararwa a ƙananan kamfanoni, inda yaron da ke rubuta littafi ya ga an biya haya sai kawai ya zuba ta a kashe-kashe:

```
20/09/2024
Dr  Rent Expense   2,400,000
Cr  Bank           2,400,000
```

Wannan ba laifi ba ne muddin an gyara a ƙarshen shekara. Amma yanzu gyaran ya juya. Kashe-kashe ne ya cika ya yi yawa, don haka abin da za a ciro shi ne wanda ba a cinye ba, wato wata tara:

```
31/12/2024
Dr  Prepaid Rent   1,800,000
Cr  Rent Expense   1,800,000
```

Ka lura, a hanya ta ɗaya adadin gyara ₦600,000 ne, a ta biyu ₦1,800,000 ne, amma duka biyun wuri ɗaya suke sauka: kashe-kashen haya ya tsaya a ₦600,000, kadara ta tsaya a ₦1,800,000. Wanda ya haddace adadi ɗaya ya kama gabansa shi ne zai faɗa rami. A ce an bi hanya ta biyu, sai akanta ya ciro ₦600,000 ya kai kadara. Littafi zai daidaita, debit da kiredit za su yi kunnen doki, ba abin da zai yi ƙara, amma an ɗora wa 2024 hayar ₦1,800,000, an bar wa 2025 ₦600,000 kacal. An kifa rabon ke nan. Shi ya sa bayan kowace shigarwa nake son a buɗe asusun biyu a karanta abin da ya rage a cikinsu, a tambayi kai: wata nawa muka zauna, kuma wannan adadin ya yi daidai da su?

Wani abu kuma: shigarwar gyara ba ta taɓa banki. Kuɗi ya fita tun Satumba, ba wani kwabo da ya sake motsi ranar 31 ga Disamba. Idan ka ga `Bank` ko `Cash` a cikin gyaranka, ka tsaya, ka biya haya sau biyu a takarda, kuma lissafinka ba zai yi daidai da takardar bayanin banki ba.

A ƙarƙashin shigarwar ka rubuta bayani wanda wani zai gane ko ba ka nan: hayar shagon Kantin Kwari, 1 ga Oktoba 2024 zuwa 30 ga Satumba 2025, ₦200,000 a wata, an cinye wata uku, saura tara. Ka maƙala kwafin yarjejeniya ko rasit.

Abin da gyaran ya canza

A ce ribar kamfanin ta 2024 kafin a cire hayar wannan shago ₦5,000,000 ce. Da gyara, riba ta zama ₦4,400,000. Idan hanya ta biyu aka bi kuma ba gyara, ta koma ₦2,600,000. Tazarar ₦1,800,000 ba ɓacewa ta yi ba, za ta ɓullo ne a 2025 ta kumbura ribar wannan shekarar. Wani zai ce to ai duk aljihu ɗaya ne. Ba kullum ba. A Kano ana yawan yin kasuwanci tsakanin mai jari da mai juya kuɗi, ana raba riba a ƙarshen shekara. Idan rabi da rabi ne, kuma ɗayansu zai fita a ƙarshen 2024, rashin wannan shigarwa guda ɗaya ya rage masa ₦900,000, ya biya rabin hayar watanni taran da ba zai ci ribarsu ba. Wannan haƙƙin mutum ne, kuma akanta ne zai zama sanadin tauye shi. Haka ma idan za a kai lissafin banki neman rance, ko wurin hukumar haraji, riba ce ta ƙarya aka gabatar a shekarun biyu.

A takardar kadarori da basussuka ta 31 ga Disamba 2024, ₦1,800,000 ɗin za ta zauna cikin kadarorin gajeren zango, waɗanda za a cinye cikin wata goma sha biyu, tare da kayan shago da bashin da ake bin kwastomomi.

Mataki na huɗu: shekara ta biyu

Da yawa suna yin gyaran Disamba su ɗauka an gama. Rabin aikin ne. Kadarar nan dole ta narke ta koma kashe-kashe a 2025, kuma ta kai sifili ranar 30 ga Satumba.

Idan kuna fitar da lissafin wata-wata, a ƙarshen kowane wata daga Janairu zuwa Satumba ka yi wannan, har sau tara:

```
Dr  Rent Expense     200,000
Cr  Prepaid Rent     200,000
```

Wannan na fi so, domin mai kamfani yana ganin ainihin ribar kowane wata, watan Janairu bai ɗauki nauyin 'yan'uwansa ba. Idan kuma sau ɗaya kuke rufe littafi a shekara, kana iya mayar da ₦1,800,000 ɗin gaba ɗaya ranar 1 ga Janairu 2025, ka yi wa kashe-kashen haya debit, ka yi wa kadara kiredit. Ka zaɓi ɗaya. Wasu manhajoji suna da wurin da ake sa alama su juya shigarwa da kansu a farkon sabon wata. Idan an sa wa gyaran hanya ta biyu wannan alamar, sannan wani ya zo yana cire ₦200,000 duk wata, an cire sau biyu, asusun kadara zai koma ƙasa da sifili.

Yanzu a ce Satumba 2025 ta zo, mai shago ya ƙara kuɗi, aka sabunta a kan ₦3,000,000 daga 1 ga Oktoba 2025 zuwa 30 ga Satumba 2026. Wata ya koma ₦250,000. Hayar 2025 ta zama haɗin tsohuwar yarjejeniya da sabuwa: wata tara a kan ₦200,000, wato ₦1,800,000, da wata uku a kan ₦250,000, wato ₦750,000. Jimla ₦2,550,000. Abin da za a tsallaka da shi 2026 kuwa wata tara ne a sabon farashi, ₦2,250,000.

Akwai hanyar gwaji mai sauƙi da ke kama kusan kowane kuskure a nan. Ɗauki kadarar da ka shigo da ita shekarar, ƙara abin da aka biya cikin shekarar, debe kadarar da za ka fita da ita. Abin da ya rage shi ne hayar shekarar:

```
1,800,000 + 3,000,000 - 2,250,000 = 2,550,000
```

Idan adadin da ke lejarka bai yi daidai da wannan ba, adadin kansa zai gaya maka inda aka kauce. In ka ga hayar 2025 ta tsaya a ₦750,000, an manta da mayar da tsohuwar kadara, kuma za ka tarar asusun kadara ya kumbura zuwa ₦4,050,000. In ka ga ₦3,000,000 cif, an zuba abin da aka biya ne kawai, kuma ₦1,800,000 na bara tana nan zaune ba wanda ya taɓa ta. Duk asusun hayar da aka biya gaba da ka ga adadinsa bai motsa ba daga Disambar bara zuwa ta bana, alhali haya ta canza, to ba a yi gyara ba. In kuma ka ga ₦4,800,000, an mayar da ta bara amma ba a ware ta baɗi ba.

Idan haya ta fara a tsakiyar wata

A ce da yarjejeniyar ta fara 16 ga Oktoba 2024 ta ƙare 15 ga Oktoba 2025, sai a koma ƙirgen kwanaki. Oktoba ta ba da kwana 16, idan an haɗa da ranar farawa, Nuwamba 30, Disamba 31, jimla 77 cikin 365. A `Excel` haka za ka rubuta:

```
=2400000*(DATE(2024,12,31)-DATE(2024,10,16)+1)/365
```

Zai ba ka ₦506,301, kadara kuma ta zama ₦1,893,699. Wannan `+1` ɗin shi ke shigar da ranar farko, kar a manta da shi. Wanda ya ce wata biyu da rabi ne ya sa ₦500,000 bai yi nisa ba, tazarar ba ta kai ₦7,000 ba, kuma ga kamfani irin wannan ba za ta canza wa kowa shawara ba. Abin da ake so shi ne hanyar da ka bi bana ka bi ta baɗi.

Ba duk abin da ya fita ranar kama shago ne haya ba

Ranar da ake kama shago kuɗi kan fita ta fuska da yawa, wani lokaci cikin tura kuɗi guda. Akwai la'adar dillali, akwai kuɗin lauyan da ya rubuta yarjejeniya, wani wuri akwai kuɗin ajiya da za a mayar maka idan ka tashi ba ka lalata komai ba. Kuɗin ajiyar nan ba a raba shi kan watanni, domin ba cinye shi ake yi ba. A buɗe masa asusunsa daban cikin kadarori, ya zauna yadda yake har ranar tashi. La'ada da kuɗin lauya su ma a ba su nasu asusun, kada a cusa su cikin haya, in ba haka ba adadin wata zai daina yin daidai da yarjejeniya, gwajin da muka yi a sama ya lalace.

Sai harajin da ake cirewa tun daga tushe. A Najeriya kashi 10 cikin 100 ne a kan haya. Idan kamfaninka yana cikin waɗanda doka ta ɗora wa cirewa, mai shago zai karɓi ₦2,160,000, ka riƙe ₦240,000 ka kai wa hukuma a madadinsa: hukumar tara haraji ta Jihar Kano idan mai shagon mutum ne da ke zaune a jihar, ta tarayya idan kamfani ne.

```
Dr  Prepaid Rent   2,400,000
Cr  Bank           2,160,000
Cr  WHT Payable      240,000
```

Hayar dai ₦2,400,000 ce, kuma ita ake rabawa. Wanda ya ɗauki adadin banki zai sami ₦180,000 a wata, ya rage hayar 2024 zuwa ₦540,000, kuma bashin hukuma ba zai fito a littafi ba sam.

Idan abin ya sauya kafin wa'adi

Kadarar nan tana da daraja ne muddin akwai zaman da za a ci ko kuɗin da za a dawo da shi. A ce kamfanin ya bar shagon a ƙarshen Yuni 2025, saura wata uku, ₦600,000. Idan mai shago ya amince zai mayar, a cire adadin daga hayar da aka biya gaba a mai da shi bashin da ake bin mai shago, a kuma samu amincewar a rubuce. Idan ya ce babu mayarwa, kuma yarjejeniya ta ba shi gaskiya, ₦600,000 ɗin ta tafi kashe-kashe nan take, ba a ci gaba da jan ta wata-wata a kan shagon da ba ka ciki. In kuma tun kafin 31 ga Disamba aka riga aka tashi, kada a tsallaka da komai sabuwar shekara da sunan hayar da aka biya gaba.

Wanda yake rubuta littafin mai bayar da haya shi ma wannan gyaran zai yi, amma a juye. Cikin ₦2,400,000 da ya karɓa, ₦600,000 ce kuɗin shigarsa na 2024. Sauran ₦1,800,000 bashi ce a kansa, domin yana riƙe da kuɗin zaman da bai bayar ba tukuna, kuma tana cikin basussuka har watanninta su zo.

Idan shekara biyu aka biya, a ce ₦4,800,000 daga 1 ga Oktoba 2024, rabon 2024 bai canza ba, ₦600,000 ne. Abin da ya rage ₦4,200,000 sai a kasa shi biyu a takardar kadarori: ₦2,400,000 da za a cinye a 2025 tana cikin na gajeren zango, ₦1,800,000 ta 2026 tana cikin na dogon zango. Amma a nan akwai iyaka. Kamfanonin da ke bin cikakkun ƙa'idojin lissafi na ƙasa da ƙasa suna ƙarƙashin ƙa'ida mai lamba 16 ta hayar kadarori, wadda ta fara aiki 1 ga Janairu 2019. A ƙarƙashinta, hayar da ta wuce wata goma sha biyu ana rubuta ta ne a matsayin kadarar haƙƙin amfani da wuri, ana rage darajarta a hankali tsawon wa'adin. Hanyar da muka bi a nan ta dace da hayar wata goma sha biyu ko ƙasa da haka, da kuma kamfanonin da ke bin ƙa'idar ƙanana da matsakaitan kamfanoni. Idan hayarku ta shekara guda ce amma yarjejeniya ta ba ku damar sabuntawa, kuma kun tabbata za ku sabunta, wa'adin yana iya zama ya wuce shekara a idon wannan ƙa'ida, don haka ka kai wa oditanku takardar ya duba tun kafin Disamba.